GARGAƊI: imel ɗin "rangwamen ƙarshen shekara" ya cinye mana 846,000

Wallahi har yanzu in na tuna cikina juyawa yake. Kwana tara kenan ban yi barcin kirki ba. 846,000. Ni na tura da hannuna, ba wanda ya sa min wuƙa a wuya, ba wanda ya sace min kalmar sirri. Na zauna kan kujerata na danna tura, har ina jin daɗi wai na yi wa kamfani ajiyar 282,000.

Kuma kafin wani ya ce min ai sakaci ne, a tsaya a ji tukuna. Shekara shida nake riƙe da sayayyar ofishinmu. Takarda, tawadar firinta, fayil, kujeru, duk ta hannuna suke bi, kuma ko biro ɗaya bai taɓa ɓata a lissafina ba. Ni ne ma nake wa abokan aiki faɗa kan buɗe saƙon da ba su san mai shi ba. Ni ɗin nan.

Kamfanin da ke kawo mana kayan ofis shekara huɗu muke tare. Ba zan faɗi sunansu ba don su ma cutarsu aka yi. Duk lokacin da shekarar kuɗi ta zo ƙarewa sukan turo wa kwastomominsu imel na rangwame, don sun san lokacin ne ofisoshi ke duba ragowar kasafi su ga abin da za a kashe kafin a rufe littafi, su ma kuma suna so su rage kayan sito kafin ƙirga kaya. To bana ma sun turo, ragin kashi 10 cikin 100. Wannan na gaske ne, ku riƙe wannan. Na amsa musu na ce a ba ni farashin katan 60 na takardar A4, mai rim biyar-biyar ɗin nan, da tawada 14 da kujera 8. Suka turo min jimla 1,128,000 kafin ragi. Na ce zan nuna wa oga in dawo.

Ranar Litinin... a'a Talata ce, don Litinin ina wajen ƙirga kayan sito, sai ga wani imel. Take iri ɗaya da na farko, an sa Re: a gaba, tambarin kamfanin yana nan, sunan yarinyar da na saba magana da ita yana nan, har irin gaisuwar da take min. A ƙasa ga duk hirar da muka yi a jere, saƙona da nata, katan 60, tawada 14, kujera 8, har lambar samfurin firintarmu. Wai shugabanninsu sun ware wa tsofaffin kwastomomi ragi na musamman, kashi 25 maimakon 10, amma sai wanda ya biya gaba ɗaya kafin ranar Juma'a da za a rufe shekara. Ga takardar kuɗi a PDF, 846,000. Sai layi ɗaya can ƙasa, wai saboda masu binciken kuɗi na ƙarshen shekara suna aiki kan tsohon asusunsu, a tura ta wannan sabon.

Yanzu da na faɗa a haka kowa zai ce ai ga shi nan ɓaro-ɓaro. Ni ma yanzu ina gani. Amma ku sa kanku a matsayina, mutum ya san adadin katan ɗin da ka nema, ya san firintarka, ya maido maka da maganarka ta makon jiya kalma da kalma. Wane ɓarawo ne zai san wannan?

Kuma na kira! Wannan ne abin da ya fi ƙona min rai, na kira. Maganar sabon asusun ta ɗan tsaya min a rai, sai na ce bari in tabbatar. Na ɗauki lambar da ke ƙasan imel ɗin na buga. Namiji ya ɗauka, muryarsa a natse, ya ce shi ne na sashen kuɗi, ita yarinyar tana sito ana ƙirga kaya. Na ce maganar sabon asusun nan fa? Ya yi 'yar dariya ya ce "ranka ya daɗe kai ne na biyar da ya kira yau kan wannan, kuma ka kyauta da ka tambaya, zamani ya lalace." Ka kyauta da ka tambaya. Wannan maganar ita ke dawo min duk dare. Ɓarawon da kansa yana yaba min taka-tsantsan ina murmushi ina cewa ai dole ne. Na tambayi ɓarawo ko shi ɓarawo ne ya ce a'a, ni kuma na ce to alhamdulillahi. Ainihin lambar kamfanin tana cikin wayata fa, shekara huɗu tana nan. Me ya hana ni kiranta? Wannan ce a gaban idona, shi kenan dalili.

Na shiga wajen oga na ce "oga, in muka biya kafin Juma'a 846,000 ne, in muka wuce 1,128,000." Ya ce ka tabbatar? Na ce har waya na yi. Ya sa hannu. Da na sa lambar asusun a manhajar banki sunan da ya fito kusan na kamfanin ne, an dai ƙara kalma ɗaya a ƙarshe, na ce a raina ai sabon asusu ne, wataƙila na reshensu. Kun ga yadda mutum ke ba kansa amsa in ya riga ya yanke shawara. Laraba da rana na tura.

Af, na manta, tun kafin in tura ɗin akantarmu ta wuce ta ga takardar a kan teburina ta ce "Malam, wannan gaggawar ta mece ce?" Na ce don ya shiga kashe-kashen bana. Ba ta ce komai ba lokacin, tana sauri. Sai bayan abin ya faru take min bayani cewa a irin lissafin da muke yi, kuɗin da ka biya kan kayan da ba su iso ba, ba ya zama kashe kuɗin wannan shekarar, ana rubuta shi ne a matsayin biyan gaba, kamar bashi ne kake bin mai kayan har sai ya kawo. Su kuma a imel ɗin sun ce kaya sai mako mai zuwa, wato bayan an rufe shekara. Ma'ana ko da mutanen kirki ne, gudun da na yi don ya shiga littafin bana ba shi da amfani. Ragin kawai ya rage, kuma ragin ne ƙugiyar.

Yadda asiri ya tonu kuwa, Litinin ta gaba ita yarinyar ta gaskiya ta kira ni a waya, wai ta ji ni shiru, rangwamen kashi 10 ya ƙare amma za ta roƙa min in har muna son kayan. Na ce wane kashi 10, ba 25 ba, ai mun biya tun Laraba. Ta yi shiru. Ta ce "biya a ina?" Wallahi a tsaye nake sai da na nemi kujera.

Yaron da ke kula mana da kwamfutoci ya zo ya buɗe imel ɗin, minti biyu bai yi ba. Sunan kamfanin akwai harafin m a ciki, su kuma sun yi rajistar adireshi da r da n a manne, rn, a ƙaramin rubutu ba ka bambance shi da m sai ka ƙura ido. A waya ma na fara karanta saƙon, inda suna kawai ke fitowa, adireshin sai ka taɓa sunan. Na ce to me ya sa bai faɗa cikin tarkacen saƙonni ba? Ya danna Show original ya nuna min SPF da DKIM duk sun rubuta PASS. Ya ce wannan gwajin abin da yake tabbatarwa kawai shi ne saƙon ya fito daga adireshin da ya ce ya fito, kuma adireshin bogin ai nasu ne, su suka saya, dole ya ci jarrabawa. Ba ya gaya maka ko mai adireshin mutumin kirki ne. Sai ya duba adireshin a WHOIS, inda ake ganin bayanan rajistar adireshin intanet, wajen Creation Date, kwana 11 da yin rajistarsa kafin su turo min. Kamfanin da muka yi shekara huɗu tare, adireshinsa kwana 11.

Hirar tamu kuma da suka samu, daga baya kamfanin suka gano an shiga akwatin imel ɗin yarinyar, an sa wata doka a ciki da ke tura kwafin duk saƙon da ya shigo zuwa wani waje. Suna zaune suna karanta cinikinmu suna jiran a faɗi adadi. Shi ya sa nake cewa ba sakarci na yi ba, an yi min shiri ne. Amma dai lambar nan tana cikin wayata.

Banki na je a ranar, sun karɓi ƙorafi sun ce za su tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga, amma ma'aikacin ya faɗa min gaskiya, kwana biyar ya yi yawa, irin wannan asusun cikin sa'o'i ake kwashe shi a rarraba. Da a ranar na farga da akwai ɗan fata. Na kai rahoto wajen 'yan sanda, na karɓi takarda. Zan sa hoton imel ɗin biyu gefe da gefe da takardar PDF ɗin da shaidar turawa, bari in gama goge sunan kamfanin da na yarinyar tukuna, ku gani da idonku ko ku za ku gane.

Duk wanda ya ga an canza lambar asusu a imel, ya kira lambar da ke kan tsohon rasit, kar ya taɓa ta cikin saƙon. Ku taɓa sunan ku karanta adireshin harafi-harafi. In kun riga kun tura, banki yanzu-yanzu, ba gobe ba.

Oga bai yi min faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi in rubuto bayani a takarda kafin zaman gobe. 846,000 sun tafi, kayan kuma dole mu saya a 1,128,000 don rangwamen gaskiyar ma ya wuce. Rim biyu ya rage a sito, a ciki zan buga bayanin.