Fili ɗaya, mutum huɗu: sunan wa za a sa?

"Mu huɗu ne 'yan gida ɗaya, za mu haɗa kuɗi mu sayi fili a Gusau. Mu sa sunan yayanmu a takarda, ko sunayenmu duka?"

Ɗan'uwa, suna ɗaya ya fi sauƙi. Dokar filaye ta 1978 ta ce filin cikin gari yana hannun gwamna, kuma sauya mai shi sai da amincewarsa. Don haka akwai zirga-zirga a ma'aikatar filaye, mutum ɗaya kuwa zai sa hannu a wuce. Haka ma ranar sayarwa.

Amma wannan sauƙin shi ne abin tsoro. A idon hukuma filin na yayanku ne shi kaɗai. Ba ha'inci nake zarginsa da shi ba, mutuwa nake tunawa. In ta Allah ta kasance, filin zai shiga lissafin gado, ku koma kuna kafa hujja a gaban alƙali, kuna jayayya da marayun da ku ne iyayensu. In bashi ya hau shi ma, masu bin sa filin za su hango.

Sunaye huɗu kuwa akwai jinkiri. In ɗayanku yana fatauci a kudu, ba a sayarwa sai ya zo ya sa hannu. Duk da haka wannan hanyar na zaɓa muku, da sharaɗin a rubuta rabon kowa, don jera sunaye kawai yana iya sa a ɗauka kun yi daidai wa daida.

A ce filin naira miliyan 4 ne. Yaya ya ba da miliyan 2, na biyu miliyan 1, na uku 600,000, auta 400,000. Rabonku ke nan kashi 50, 25, 15 da 10 cikin ɗari. In la'adar dillali da kuɗin safiyo da lauya suka kai 400,000, a bi wannan ma'auni: yaya 200,000, auta 40,000. Kowa ya tura nasa ta banki ya adana shaidar, kuma kowa ya riƙe kwafin yarjejeniyar da hannun shaidu biyu da mai unguwa.

Inda rigima ta fi ɓullowa shi ne bayan saye. Wani zai zagaye filin da katanga da kuɗinsa, shekara ta zagayo ya ce rabonsa ya ƙaru. Ku rubuta tun yanzu: irin wannan kuɗi rance ne da za a mayar masa, ko ƙarin rabo? Haka mai son fita. A mazhabar Malikiyya abokan tarayya suna da haƙƙin shufu'a muddin ba a raba filin ba, wato su suka fi cancanta su sayi rabonsa a kan bare. Ku ƙayyade wa'adin biya, kamar wata uku, da wanda zai yi wa filin kuɗi.

In dole sai suna ɗaya, yaya ya rubuta a gaban lauya cewa amana yake riƙewa, da rabon kowa, iyalinsa kuma su san da takardar.