Karɓa-karɓa ko kowa ya zaɓi ranarsa? Yadda za a raba aikin ranakun hutu

Tambaya: "Jama'a a taimaka min da shawara. Mu shida ne a sashenmu kuma wajen ba a rufe shi ko ranar hutu, dole mutum biyu su zauna. Huɗu Sallah suke so, biyu Kirsimeti da Ista. Ni aka ɗora wa jadawalin, kullum sai an yi rigima. In yi karɓa-karɓa ne ko in bar kowa ya zaɓa?"

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, na riƙe irin wannan jadawalin shekaru kuma duka hanyoyin biyu na gwada su. Kafin ki zaɓi ɗaya ki fara da lissafin gurabe, don yawancin rigimar daga rashin lissafin nan take tasowa. Ban san adadin ranakunku ba, bari mu ɗauka tara ne a shekara: biyu na ƙaramar Sallah, biyu na babbar Sallah, uku na Kirsimeti da Ista, sai Sabuwar Shekara da 1 ga Mayu. Kwana tara sau mutum biyu gurbi 18 kenan, a raba wa mutum shida kowa ya tashi da uku. Wannan ukun ki riƙe shi, da shi za ki auna kowace hanya.

Karɓa-karɓa ita ce mai sauƙi. A jera sunaye, hutu ya zo a ɗauki biyun da ke gaba a layi, na gaba ya zo a ɗauki masu bi musu. Kowa zai yi ukunsa cif, ba wanda zai ce kin yi son kai tunda layi ne ya kawo shi, kuma ko ba kya nan wani zai iya ci gaba da shi. Amma ki duba abin da take jawowa a wajenku. Guraben Sallah takwas ne, kuma mutum huɗu cikin shida masu son Sallah ne, to a matsakaici kusan biyar daga cikin takwas ɗin a kansu za su faɗa, su zo aiki rai a ɓace alhali ga abokan aikinsu biyu a gida suna zaune a ranar da ba ta dame su ba. Haka su ma biyun, cikin gurabe shida na Kirsimeti da Ista kusan biyu za su faɗo musu. Kin ga wajen gurbi bakwai cikin 18 an ɓata wa mutane rai ba gaira ba dalili. A takarda an yi daidai, amma kowa yana jin an cuce shi, kuma alamar da za ki gane ta fara lalacewa ita ce yawan "ba ni da lafiya" da safiyar hutu, da musanyar da ake yi a bayan idonki har ki rasa wa ke bakin aiki.

Ita kuma hanyar zaɓi, wato ku tsare mana Sallah mu tsare muku Kirsimeti, ta fi daɗi a baki kuma mutane suna saurin yarda da ita. Inda take da matsala shi ne ba ku yi daidai a yawa ba. In kika bar ta haka sakaka, mutum biyun nan su za su yi duk kwana huɗun Sallah, kowannensu huɗu kenan, su kuwa huɗun su raba gurbi goma da suka rage, wasu uku wasu biyu. Shekarar farko ba wanda zai yi magana saboda kunya da zumunci, shekara ta biyu ko ta uku sai ki ji ɗaya daga cikin biyun ya fara cewa shi fa ya gaji, kuma gaskiyarsa ne, yana yin ninkin abin da wani yake yi. Ga shi ranakun Sallah a jere suke, kwana biyu ba hutawa, sau biyu a shekara. Sannan tsarin gaba ɗaya ya rataya ne a wuyan mutum biyu, ranar da ɗaya ya bar aiki ko aka canja masa sashe kuka koma biyar da ɗaya, shikenan ya rushe, don mutum ɗaya ba zai cike kujera biyu ba.

Ni dai in ni ce ke, zaɓi zan ɗauka amma in ɗaure shi da wancan ukun, in bar karɓa-karɓa ta yi aiki a ɗan abin da ya rage kawai. Ga yadda zai kasance. Masu son Kirsimeti su biyun su yi ranar farko ta ƙaramar Sallah da ranar farko ta babbar Sallah tare, don ranar farko ita ce mutane suka fi jin zafin rasawa. Sai ɗaya ya ƙara da rana ta biyu ta ƙarama, ɗayan ya ƙara da rana ta biyu ta babba. Kowannensu ya cika uku, an gama da su, ba a sake taɓa su a ranar hutu sai baɗi. Saura gurbi biyu na Sallah, duka a rana ta biyu, su ne za a yi karɓa-karɓa a kansu tsakanin huɗun: mutum biyu bana, sauran biyun baɗi. In kika haɗa waɗannan biyun da shida na Kirsimeti da Ista da huɗu na Sabuwar Shekara da 1 ga Mayu, 12 kenan, kowa uku. Daga gurbi bakwai masu ciwo kin dawo biyu, su ma ba ranar idi ba, kuma mutum sai bayan shekara biyu zai sake zuwa kansa.

In biyun suka ce su sun yarda su ɗauke duk huɗun, babu laifi, amma kada ki karɓa a matsayin alheri kawai, ki rubuta musu kwana ɗaya na ramuwa kowannensu su ɗauka lokacin da suke so. Maganar ƙarin kuɗin ranar hutu kuwa ta danganta da dokar ƙasarku da takardar ɗaukar aikinku, ki tambayi shugabanninku a rubuce kafin ki yi wa kowa alkawari.

Wani abu da ya taɓa kayar da ni, na rubuta jadawalin da kwanan wata. Kirsimeti 25 ga Disamba ne kullum, amma Ista tana yawo tsakanin Maris da Afrilu, Sallah kuma tana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara sannan sai an ga wata ake tabbatarwa, to kwana ɗaya ya goce sai ga wanda na yi wa alkawarin hutu shi ne a bakin aiki ranar idi. Tun daga nan nake rubuta "ranar farko ta ƙaramar Sallah" a gaban suna, duk ranar da ta faɗa shi ke da ita. In kuna aikin dare ki fayyace tun farko ko daren jajibiri yana cikin lissafi, don wanda ya kwana a aiki ya fito da safiyar hutu bai huta ba.

Kuma don Allah kar ki raba mutane da kanki bisa abin da kike zaton addininsu ne. Ki ba kowa takarda a farkon shekara ya rubuta ranaku huɗu da ya fi so a jere daga wadda ta fi masa muhimmanci, kar ki bari a wuce huɗu in ba haka ba kowa zai rubuta duka taran. Za ki sha mamaki, akwai wanda Sabuwar Shekara ce damuwarsa saboda lokacin ne iyalinsa ke haɗuwa. Wanda ya daɗe a aiki kada ya riga kowa zaɓa, in kika bari haka sabbin zuwa ne za su riƙa kwasar ranakun da ba mai so. Musanya a yarda da ita amma sai su biyun sun sanar da ke a rubuce, kuma wanda ya yi aikin shi ake ƙirga wa. Ki liƙa jadawalin inda kowa zai gani da adadin da kowa ya yi a gefen sunansa, na bara ma ki bar shi a wajen, don da shi za ki nuna waɗanda layin rana ta biyu ya zo kansu bana.