3.50, 5/2 da +250: yadda ake juya ods daga wani salo zuwa wani

"Salam 'yan'uwa. Ina bin labarin ƙwallo, amma wani wuri sai in ga an rubuta 3.50, wani wuri 5/2, wani kuma +250, a ce duk abu ɗaya ne. Don Allah wani ya fahimtar da ni daga tushe, ban iya lissafi sosai ba."

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, lissafin bai wuce tarawa, ɗebewa da rabawa ba, kuma kalkuletar wayarka ta ishe ka. Waɗannan lambobi su ake kira ods a harkar caca, kuma dukkan salon ukun tambaya guda suke amsawa: idan mutum ya zuba naira ɗaya ya ci, ribar nawa zai samu? In ka iya zaro wannan lambar daga kowane salo, juyawar ta zo da sauƙi.

Salo na farko shi ne mai ɗigo, wanda a allo za ka ga an rubuta Decimal. Shi aka fi amfani da shi a yawancin ƙasashen Turai da Ostireliya, kuma shi ne wanda aka saba gani a Najeriya. Lambar tana faɗa maka jimillar abin da zai dawo hannu, uwar kuɗi haɗe da riba. Wanda ya zuba ₦1,000 a kan 3.50, in ya ci, ₦3,500 za a ba shi. A ciki ₦1,000 kuɗinsa ne da ma, ribar ₦2,500 ce. Ke nan in kana son ribar naira ɗaya, ɗebe 1 kawai za ka yi: 3.50 a cire 1, saura 2.50.

Na biyu shi ne mai layi a tsakiya, Fractional, na Birtaniya da Ailan, wanda ya yi ƙarfi musamman a tseren dawaki. Wannan bai sa uwar kuɗi a lissafi ba, riba tsagwaronta yake faɗa. Lambar hagu ita ce riba, ta dama ita ce abin da aka zuba. 5/2 na nufin duk naira 2 da aka zuba za ta jawo ribar naira 5. Raba 5 gida 2, ka samu 2.50, wato dai lambar da muka samu ɗazu. Kamar mai shago ne ya ce "na sayar da kayan ₦3,500", yaronsa kuma ya ce "mun ci ribar ₦2,500 a kan kayan dubu ɗaya". Ciniki ɗaya suke bayani.

Daga nan ka riga ka iya juyawa tsakanin waɗannan biyun. Daga mai layi zuwa mai ɗigo, raba hagu da dama, sannan ka ƙara 1. Daga mai ɗigo zuwa mai layi, cire 1, sannan ka mayar da ragowar zuwa lamba bisa lamba. Misali 1.80: cire 1, saura 0.80, wato 80 bisa 100. Raba sama da ƙasa da 20, ya zama 4/5.

Wannan ɗayan da ake ƙarawa shi ne inda sababbin shiga suka fi faɗuwa. Mutum ya ga 2/1 sai ya ɗauka 2.00 ne, alhali 3.00 ne. Ya ga 5/2 ya ce 2.50. Hanyar gane ka yi kuskure: mai ɗigo ba ya taɓa sauka ƙasa da 1, don haka in ka juya 4/5 ka ga 0.80, ka manta da uwar kuɗi. Wani abu kuma da zai iya ɗaure maka kai, Turawan Ingila ba kullum suke rage lambar zuwa ƙarshe ba. Za ka ga 6/4 maimakon 3/2, ko 4/6 maimakon 2/3. Al'ada ce kawai, lissafin bai canja ba: 6/4 shi ne 2.50.

Na uku, na Amurka, shi ne mai rikitarwa, don haka bari in ɗan jima a kansa. A allo ana rubuta American ko Moneyline. Komai a cikinsa da 100 ake auna shi, dala 100 a wurinsu, amma ko naira ka sa a madadinta lissafin yana nan. Abin da ya sa yake da wuya shi ne fuska biyu gare shi, kuma kowace fuska tambayarta daban.

In alamar tarawa ce a gaba, kamar +250, ma'anarta: ka zuba 100, ribarka 250. Raba 250 da 100, ka samu 2.50, ribar naira ɗaya. Ƙara 1 ya zama 3.50.

In alamar ɗebewa ce, kamar -125, tambayar ta juya: nawa za ka zuba kafin ka ci ribar 100? Amsa, 125. A nan ribar tana sama, abin da aka zuba yana ƙasa, 100 bisa 125, wato 0.80. Ƙara 1 ya zama 1.80. Alamar ɗebewar ba ta nufin asara ko bashi. Tana nuna cewa wannan ɓangaren ne ake ganin ya fi kusa da nasara, shi ya sa ribarsa ba ta kai abin da aka zuba ba. Kuma yadda lambar ke ƙara girma bayan alamar ɗebewa, haka ribar ke ƙanƙancewa: -400 na nufin sai ka zuba 400 ka ci 100, wato 1.25 kacal.

Iyakar da ta raba fuskokin biyu ita ce 2.00. A nan riba daidai take da abin da aka zuba, 1/1 a salon Birtaniya (wani lokaci su rubuta Evens), +100 a salon Amurka. Saboda haka kafin ka juya mai ɗigo zuwa na Amurka, fara duba ko ya kai 2.00 ko bai kai ba. A ƙasa, d ita ce lambar mai ɗigo:

```
d ≥ 2.00 :  (d - 1) × 100
d < 2.00 :  -100 ÷ (d - 1)
```

Gwada da 4.50. Ya wuce 2.00, cire 1 saura 3.50, sau 100, +350. Gwada da 1.80. Bai kai ba, cire 1 saura 0.80, raba 100 da 0.80 ka samu 125, ka sa alamar ɗebewa, -125. Da a ce ka yi amfani da layin farko a kan 1.80, da ka samu +80, kuma babu irin wannan lamba a salon Amurka. Duk abin da ya faɗo tsakanin -100 da +100 alama ce ka ɗauki layin da ba shi ba.

Tsakanin mai layi da na Amurka ba sai ka haddace wata sabuwar ƙa'ida ba. Ni dai shawarata ka bi ta mai ɗigo kullum, ko da taki biyu ne, ya fi ƙarancin kuskure.

Ga su kafaɗa da kafaɗa, da ribar da ₦1,000 za ta kawo:

| Mai ɗigo | Mai layi | Na Amurka | Riba kan ₦1,000 |
|---|---|---|---|
| 1.25 | 1/4 | -400 | ₦250 |
| 1.80 | 4/5 | -125 | ₦800 |
| 1.91 | 10/11 | -110 | ₦909 |
| 2.00 | 1/1 | +100 | ₦1,000 |
| 2.50 | 6/4 | +150 | ₦1,500 |
| 3.50 | 5/2 | +250 | ₦2,500 |
| 4.50 | 7/2 | +350 | ₦3,500 |

Lura da layi na uku. -110 lamba ce da ake yawan gani a wasannin Amurka. In ka raba 100 da 110 za ka samu 0.90909 da ba ta ƙarewa, sai a taƙaita a rubuta 1.91. In ka juya 1.91 ɗin baya, kalkuleta za ta ba ka -109.89. Ba kuskurenka ba ne, taƙaitawar ce ta jawo. Haka 4/6 yake zama 1.67, ya dawo -149 da 'yan kai maimakon -150. In bambancin bai wuce haka ba, lissafinka daidai ne.

Kana iya gwada hannunka da labarin da kowane mai kallon Firimiya ya sani. A farkon kakar 2015/16 an ba Leicester City 5000/1 kan ɗaukar kofin, kuma suka ɗauka. A mai ɗigo 5001 ke nan, a na Amurka +500000.

In ka tambaye ni wanne ya fi, mai ɗigo ne, nesa ba kusa ba. Ko ba komai, kallo ɗaya za ka san wace lamba ta fi girma. Amma a ce maka 8/13 da 4/6 wanne ya fi riba, sai ka ɗauko kalkuleta (1.62 ne da 1.67). Mai ɗigo kuma shi ne yake buɗe maka abin da lambobin ke ɓoyewa. In ka raba 100 da shi, za ka samu kaso nawa cikin ɗari lambar ke nuna abin zai faru. 2.00 kashi 50 ne, 4.00 kashi 25.

Mu ƙaddara wasa ɗaya: masu masaukin baƙi 1.80, kunnen doki 3.50, baƙi 4.50. Raba 100 da kowanne. Na farko 55.56, na biyu 28.57, na uku 22.22. Dole ɗaya cikin ukun nan ya faru, don haka kamata ya yi jimilla ta zama 100 cif. Amma tara su ka gani: 106.35. Wannan rarar ta shida da ɗoriya ita ce rabon kamfanin cacar, an riga an cusa ta cikin lambobin tun kafin a busa usur. Haka -110 da -110 a ɓangarori biyu: kowanne 52.38, jimilla 104.76.

Hukuncin caca a addini sananne ne gare mu, ba sai na tsaya kansa ba, na kuma fahimci karanta labarai ne ya kawo ka. Amma lissafin ma kansa yana da abin faɗa. A wancan wasan, ka ce kana son ₦10,000 ta dawo maka ko yaya aka tashi. Sai ka zuba ₦5,556 a kan masu gida, ₦2,857 a kan kunnen doki, ₦2,222 a kan baƙi. Ka toshe kowace ƙofa, ɗaya dole ta ci. Jimillar abin da ka fitar ₦10,635 ne, abin da za a miƙo maka ₦10,000. Ko a 4/5, 5/2 da 7/2 aka rubuta, ko a -125, +250 da +350, ₦635 ɗin nan ba za ta dawo ba.