Gargaɗi ga ɗalibanmu na jami'o'in Sudan: masu sayar muku da taƙadirin da kuka riga kuka ci

'Yan uwa ɗalibai da iyaye, assalamu alaikum. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 ɗalibai suka watse, wasu na Fort Sudan da Kasala, wasu sun koma gida suna jiran sakamako, zuwa ofishin musajjil, wato rajistara, da ƙafa ya gagari mutane da yawa. A wannan giɓin ne wasu dillalai suka buɗe kasuwa a wasaf. Mutum zai ce yana da hannu a ofishin jarabawa, ka turo masa makin shekarunka ya duba maka taƙadiri, wato darajar digirinka, kyauta. Dubawar ce ƙugiyar.

Ga yadda abin ke tafiya. A kwalejojin da ke ba kowace shekara nauyinta, ba a haɗa makin shekaru biyar a raba biyar. Shekarun farko nauyinsu kaɗan ne, ta ƙarshe ita ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Dillalin ya san haka sarai, abin da yake fata shi ne kai ba ka sani ba.

Mu ɗauki misali. Nauyin da iyakokin da za mu yi amfani da su na koyarwa ne kawai, naka na gaskiya yana cikin la'ihar jarabawa ta kwalejinku, wato kundin ƙa'idojinta, kuma kwaleji da kwaleji sukan bambanta ko a jami'a ɗaya. A ce shekara ta ɗaya da ta biyu kowacce kashi 10 ce cikin ɗari, ta uku da ta huɗu kowacce kashi 20, ta biyar kashi 40. A ce kuma daraja ta ɗaya tana farawa daga 70, daraja ta biyu sashe na farko daga 60, ƙasa da haka sashe na biyu. Ɗalibi ya fara da rauni saboda Larabci bai zauna masa ba, ya ci 50 a shekarar farko, sai 52, sai 56, sai 62, ya rufe da 68.

Dillali zai haɗa waɗannan ya sami 288, ya raba biyar, ya turo 57.6 da saƙon murya mai cike da jimami: "Ɗan uwa, ka faɗa sashe na biyu, saura maki biyu da 'yan kai. Amma majalisar kwaleji ba ta zauna ba tukuna, akwai abin da za a iya yi." Sai ya yanka farashi, a tura rabi ta manhajar banki ta Bankak yanzu, rabi in sakamako ya fito.

To ga lissafin da la'ihar misalinmu ta ce a yi. Kowane maki a ninka shi da nauyinsa, sannan a haɗa:

```
50 x 0.10 = 5.0
52 x 0.10 = 5.2
56 x 0.20 = 11.2
62 x 0.20 = 12.4
68 x 0.40 = 27.2
```

Jimla 61.0. Wato ɗalibin nan yana sashe na farko tun kafin dillali ya buɗe baki. Sakamako zai fito da sashe na farko, ɗalibi ya cika sauran kuɗi da murna, har ya shiga zauren 'yan ajinsu yana cewa wallahi mutumin nan aikinsa na ci. Muguntar wannan damfara ke nan, wanda aka cuta shi ke yi mata talla, kuma ko ya gano daga baya bakinsa a rufe yake, don ba zai je ya ce ya biya kuɗi a murɗa masa sakamako ba. Shi ya sa dillalan ke farautar waɗanda makinsu ya riƙa hawa shekara bayan shekara. Ga irin waɗannan, raba-daidai yana fitowa ƙasa da lissafin nauyi, domin makin da ya fi girma shi ne ya faɗa kan nauyin da ya fi girma.

Wanda makinsa ya riƙa sauka kuma, juya masa kwarya ake yi. Mai 78, 75, 70, 66, 62 raba-daidai zai ba shi 70.2, lissafin nauyi kuwa 67.3. Sai a ce masa ai shi ɗan daraja ta ɗaya ne an danne masa haƙƙi, a sayar masa da ifada, wato takardar shaida, mai tambari da ke cewa haka. Ranar da shaidar tafasil ta ainihi, mai jera makin kowane darasi, ta fito, ko aka kai takardu tausiƙi don a tantance sahihancinsu, biyun za su ci karo, kuma sunan ɗalibi ne a jikin jabun.

Akwai tambaya ɗaya da ke kwance musu zani. Ka ce masa: wace shekara za ka taɓa, kuma maki nawa? Yawanci sukan ce shekarun farko, wai su ne ba a sa wa ido. A la'ihar misalinmu maki ɗaya a shekarar farko 0.1 kawai yake ƙara wa jimla, alhali maki ɗaya a shekarar ƙarshe 0.4 ne. Kafin a cike giɓin 2.4 da ya ce kana da shi ta hanyar shekarar farko, sai an ƙara mata maki 24, a mai da 50 ta koma 74 a sakamakon da aka liƙa a allo shekaru huɗu da suka wuce, kowa ya gani. Wanda ya ce maka "maki uku zan ɗora maka a shekarar farko ka tsallake" ko lissafin bai iya ba, balle ya san ƙofar ofis.

In za ka yi lissafin da kanka, kula da wurare uku da ake tuntuɓe. Na farko, makin shekara shi kansa ba raba-daidai ba ne inda ake aiki da sa'o'in darasi. Darasi mai sa'a 4 da ka ci 50 da darasi mai sa'a 2 da ka ci 80 ba 65 za su ba ka ba. Sai ka ninka: 200 da 160, jimla 360, ka raba da sa'a 6, ka sami 60. Na biyu, jarabawar mulhaƙ. La'ihohi da yawa makin tsallakewa kawai suke rubuta wa wanda ya faɗi ya sake, ko da ya ci 85 a karo na biyu, saɓanin badil da ake yi wa mai uzuri karɓaɓɓe. Ka duba abin da taku ta ce kafin ka saka lamba, nan ne ɗalibai da yawa ke yi wa kansu ƙari ba su sani ba. Na uku, kada ka riƙa cike ɓurɓushin lamba a kowane layi, kana mai da 11.2 zuwa 11. Ka bari sai ƙarshe, kuma ko 59.6 za ta zama 60 hukuncin la'iha ne da majalisar kwaleji. Ka kuma tabbata nauyin da aka ba ka ya cika ɗari cif. In dillali ya turo jadawalin da ya tsaya a 95, ko ya ce ba zai iya nuna maka shafin la'ihar ba saboda sirri ne, ka san inda aka dosa, don la'ihar jarabawa ba sirri ba ce, ɗalibi na da haƙƙin ganinta.

Mai kwamfuta zai iya buɗe Excel ya jera makinsa a B2 zuwa B6, nauyi a C2 zuwa C6, ya rubuta:

```
=SUMPRODUCT(B2:B6,C2:C6)/SUM(C2:C6)
```

Waɗanda ba su rubuta jarabawar ƙarshe ba tukuna, wannan lissafin zai gaya muku abin da ya rage. Ɗalibin misalinmu ya tara 33.8 a shekaru huɗu. Yana neman 60, saura 26.2, a raba da 0.4, ya fito 65.5, kuma shi ne makin da yake buƙata a shekarar ƙarshe.

Wanda aka riga aka tuntuɓa kada ya tura hoton fasfo ko lambar jami'a, da su ake buga jabun. Wanda ya riga ya biya ya adana shaidar turawar da saƙonnin, kada ya cika ragowar, kada kuma ya miƙa ifadar a ko'ina. Ya nemi tafasil daga musajjil ta hanyar da jami'ar ta sanar da kanta, ya sanar da shugabannin ƙungiyar ɗalibai lambar da aka kira shi da ita don a cire ta daga zaurukan aji.