Daidaita jari ta manhajar dillali: tana aiki, amma la'ada na ci

Na jima ina amfani da manhajar wani kamfanin dillancin hannun jari, kuma abin da ya ja ni gare ta shi ne tsarinta na daidaita jari. Kai za ka faɗi rabon da kake so, ni na sa kashi 60 a hannun jarin NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, kashi 40 a Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci da ke biyan kuɗin haya maimakon kuɗin ruwa. In rabon ya karkace sai ta turo maka saƙo da lissafin abin da za ka sayar.

Lissafin nata babu kuskure, wannan na yaba. Ɗauki mai naira miliyan 2: 1,200,000 a hannun jari, 800,000 a Sukuk. A 2023 ma'aunin kasuwar ya tashi da kimanin kashi 45. In nasa ya bi sahu, hannun jarin ya koma 1,740,000, wato kashi 68.5 na dukiyarsa ta 2,540,000. Kasadar da yake ɗauke da ita ta wuce wadda ya yarda da ita tun farko. Don ya koma kashi 60 sai ya sayar da na naira 216,000. La'adar dillali, kuɗin NGX da na CSCS mai ajiye hannun jarin, harajin kan sarki da VAT, gaba ɗaya a lokacin wajen kashi 2 ne, naira dubu huɗu da 'yan kai. Wannan kuɗi ya biya kansa.

Inda na saɓa da su shi ne zaɓin da manhajar ke zuwa da shi na daidaitawa duk wata. Rabo ya motsa daga 60 zuwa 61, ta ce ka sayar. Wata mai zuwa kasuwa ta ɗan sauka, ta ce ka saya. Shiga da fita kusan kashi 4 ke nan na kuɗin da aka juya, a kan karkatar da ba ta kai ta kawo ba. Abin da ya fi ɓata mini rai, ba ta nuna jimillar la'adar sai ciniki ya faɗa. Haka kuma Sukuk ba ya yawan masu ciniki bayan an fitar da shi, don haka farashin da za ka saya yakan ɗara wanda ke kan allo, kuɗin hannun jarin da ka sayar ma sai ya yi 'yan kwanaki kafin ya iso.

Yanzu na kashe na wata-wata. Ina dubawa duk wata uku, ba na taɓa komai sai hannun jari ya haura 65 ko ya gaza 55. Kuɗin hayar Sukuk da ke shigowa sau biyu a shekara, da ribar da kamfanoni ke rabawa, su nake zubawa a ɓangaren da ya rage, sau da yawa hakan kaɗai ke gyara rabon ba tare da na sayar da ko ɗaya ba. Mai son manhajar ya fara tambayar dillali cikakken jadawalin kuɗaɗensu na saye da na sayarwa, a rubuce.