Sharhina kan FLARE-VM da REMnux wajen binciken muguwar manhaja

Ga mai son fara koyon binciken muguwar manhaja, haɗin FLARE-VM da REMnux a cikin VirtualBox, manhajar da ke kunna na'urorin kwaikwayo a cikin kwamfuta ɗaya, shi ne abin da na yi amfani da shi, kuma ya biya ni. Duka kyauta ne. FLARE-VM tarin kayan bincike ne na kamfanin Mandiant da ake ɗorawa a kan Windows, REMnux kuwa Linux ce da Lenny Zeltser ya haɗa domin wannan aikin.

Girka FLARE-VM yana cin lokaci da data sosai, yana son filin ajiya da bai gaza gigabait 60 ba, kuma sai an kashe Defender, manhajar kariya ta Windows, tukuna. Da zarar ya kammala, a cire na'urorin biyu, ta Windows da ta REMnux, daga NAT, saitin da ke ba su intanet, a mayar da su Internal Network, inda junansu kaɗai suke gani. Kada a kusanci Bridged Adapter, domin shi zai haɗa su da duk wayoyi da kwamfutocin gidan. A rufe Shared Folders da Shared Clipboard, a gwada `ping 8.8.8.8` a tabbatar bai samu amsa ba, sannan a ɗauki Snapshot, wato ajiyayyen yanayin na'urar, wanda za a riƙa komawa gare shi bayan kowane gwaji.

Samfurin WannaCry, manhajar kulle fayiloli don neman kuɗin fansa wadda ta addabi duniya a watan Mayun 2017, shi ya nuna mini amfanin haɗin. Na fara da binciken fayil a kwance, ba tare da kunna shi ba. A PEStudio, manhajar duba cikin fayil, na ga yana kiran `InternetOpenUrlA`, wato aikin Windows na buɗe adireshin intanet, cikin rubutun da ke jikinsa kuma ga wani dogon adireshin intanet mara ma'ana. Na san zai nemi adireshin, amma kallo a kwance bai gaya mini abin da zai biyo baya ba.

Sai na kunna INetSim a REMnux, wato manhajar da ke kwaikwayon intanet tana amsa duk adireshin da aka nema. Na mai da REMnux ta zama DNS ɗin Windows, na buɗe Procmon mai lura da ayyukan cikin Windows da Wireshark mai lura da saƙonnin da ke shiga da fita, na saki fayil ɗin. Ya nemi adireshin, aka amsa masa, ya rufe kansa bai taɓa komai ba. Wannan shi ne makashin da Marcus Hutchins ya gano: in adireshin ya amsa, manhajar ta tsaya. Wanda bai fara duba fayil ɗin a kwance ba zai rantse ba shi da illa.

Na koma Snapshot, na kashe INetSim, na sake kunna shi. Nan take ya ajiye `tasksche.exe`, takarduna na gwaji suka kulle suka koma `.WNCRY`, Wireshark kuma ya cika da neman tashar 445, wadda ta ita yake bi ya yaɗu zuwa wasu kwamfutoci. Da a kan Bridged Adapter nake, da kwamfutocin gida yake nema.

Haɗin yana da iyaka. Fayil ɗin da aka dunƙule da irin UPX yana ɓoye rubutunsa har sai an warware shi, wasu manhajojin kuma suna gane VirtualBox su yi lamo. Kwamfuta mai RAM gigabait 8 tana jan ƙafa idan na'urorin biyu suna kunne. Mai 16 ta fi dacewa.