Kafin a sayi bututu ko waya: wane tsarin haɗa ƙauyuka za a zaɓa?

Tsawon bututu ko wayar da za a saya ya dogara ne da zanen da aka yi a takarda, don haka a can ake fara ciniki. In daga ƙauye zuwa ƙauye kawai za a ja layuka, zanen da ya fi cin kaya kaɗan shi ne wanda masana lissafi ke kira bishiyar haɗi mafi gajarta: kowane ƙauye ya haɗu da sauran, babu layin da ya kewayo ya koma inda ya fito. Ƙauyuka biyar layi huɗu suke buƙata, ashirin kuma goma sha tara. Otakar Borůvka ne ya fara warware matsalar a 1926, saboda aikin jan wutar lantarki a yankin Morabiya, cikin ƙasar Czech ta yau.

Mu ɗauki ƙauyuka biyar, A zuwa E, tankin ruwa yana A. An auna hanyoyin da za a iya haƙawa: C zuwa D kilomita 2, B zuwa C 3, A zuwa B 4, B zuwa D 4, D zuwa E 5, A zuwa C 6, C zuwa E 6, A zuwa D 7, A zuwa E 8. Dabarar Joseph Kruskal ta 1956 ita ce a jera su daga ƙarami zuwa babba, a riƙa ɗauka, a tsallake duk wanda zai rufe zobe. Sai a ɗauki na 2, da na 3, da A zuwa B. B zuwa D kuwa a bar shi, tunda an riga an isa D ta C. D zuwa E ya cika huɗu, jimla kilomita 14. Dabarar wani masanin lissafi, Robert Prim, wadda ke farawa daga ƙauye ɗaya tana jawo mafi kusa, jimlar nan za ta bayar. Saboda haka kada a ɓata lokaci wajen zaɓar dabara, zaɓin gaske yana tsakanin zane da zane.

In kowane ƙauye za a ja masa nasa layin daga tanki, kilomita 25 ke nan, kusan ninki biyu. Sai dai a duba abin da kilomita 14 ɗin nan ta haifar: layi ɗaya ne miƙaƙƙe, ruwan E sai ya ratsa B da C da D, tafiyar kilomita 14 alhali tsakaninsa da tanki 8 ne. Ƙarfin ruwa yana raguwa da tsawon bututu, alamar kuwa ita ce famfon ƙauyen ƙarshe ya riƙa ɗiga da safe, lokacin da kowa ke ɗiba. Ga shi kuma ɓangaren A zuwa B shi ke ɗauke da ruwan ƙauyuka huɗu, dole a sa masa bututu mai faɗi. Wanda ya rage faɗin da rabi don neman sauƙi ya ninka asarar ƙarfin ruwan kusan sau talatin. Lissafin bishiya bai san da wannan ba, tsawo kawai yake gani. Wayar wuta ma haka take, a ƙarshen layi wutar ke zuwa da rauni.

Ga mai shimfiɗa bututun ruwa, mun fi son a cire D zuwa E a sa A zuwa E. Jimla ta koma 17, amma ƙauye mafi nisa yanzu D ne, kilomita 9, kuma nauyin da ke kan bututun farko ya ragu. Sau da yawa kilomita ukun nan sun fi sauƙi a kan ƙarin injin turo ruwa da za a yi ta ciyarwa shekara da shekaru.

Wayar intanet ta gilashi kuwa, irin wannan nisa ba ya damunta, yankewa ce matsalarta. A bishiya, duk inda aka datse, na bayan wurin sun fita. A bar layukan huɗu yadda suke, a ƙara A zuwa E, ya zama zobe mai kilomita 22: ko ina ya yanke sau ɗaya, saƙo zai bi ta ɗaya gefen, muddin an saita na'urorin su juya.

Akwai kuma hanyar da ke sauka ƙasa da bishiyar kanta, wato a kafa mahaɗa a fili inda babu ƙauye, abin da ake dangantawa da sunan masanin lissafi Jakob Steiner. Ƙauyuka uku masu tazarar kilomita 10 tsakanin kowane biyu suna cin 20, amma da mahaɗa a tsakiya, inda layuka uku ke haɗuwa a kusurwar digiri 120, kusan 17.3 ne. Ragin kashi 13 cikin ɗari ke nan, kuma a wurare da yawa bai kai haka ba. Sai a auna shi da kuɗin gina akwatin mahaɗa a daji da wahalar zuwa gyara.

Kowane zane aka zaɓa, kada a ciyar da lissafin da nisan taswira. A rubuta wa kowane layi kuɗin haƙa da kaya da tsallake kogi, domin kilomita 2 a kan dutse tana iya fin kilomita 4 a ƙasa mai laushi tsada, kuma da zarar jerin ya sauya, bishiyar ma tana iya sauyawa. Layin da yake shimfiɗe tun da, a ba shi ƙaramin adadi kamar 0.001, don wasu manhajoji suna ɗaukar sifiri a tebur a matsayin babu hanya.